Shafi Ɗaya ko Cikakken Tsari: Wanne Ya Dace da Shagonka?

Tambayar farko da ke raba gardama ita ce: kuɗin waye za su shiga shagon, kuma wa zai karanta takardar tsarin kasuwancin? Idan jarin naka ne, daga adashi ko gonar da ka sayar ko ajiyar albashi, to mai karatun kai ne, kuma shafi ɗaya ya ishe ka. Idan kuɗin banki ne ko na wata hukumar bayar da rance, mai karatun bai san ka ba, bai taɓa tsayawa a ƙofar shagonka ba, don haka sai ka ba shi a rubuce duk abin da maƙwabcinka ya riga ya sani da ido. Wannan shi ne cikakken tsari. Girman shago ba shi ke yanke hukunci ba. Akwai mai babbar rumfa a Babbar Kasuwar Sakkwato da bai taɓa bukatar takarda mai shafi ashirin ba, akwai kuma mai ɗan shago a Arkilla da ya bukace ta ranar da ya nemi rancen firiza.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne takardun biyu lissafi ɗaya ne a cikinsu. Cikakken tsari shafi ɗayan nan ne aka buɗe shi, aka ƙara masa hujjoji da lissafin wata-wata. Saboda haka ko wanne za ka ƙare a kai, da gajeren ake farawa.

Mataki na farko: cika shafi ɗayan, da lambobi

Tsarin shafi ɗaya da ya fi yaɗuwa a wuraren horar da 'yan kasuwa shi ne wanda ake kira Lean Canvas, wanda Ash Maurya ya fitar a 2010, mai gida tara. An yi shi ne musamman don sababbin kamfanonin da ke gwada wata haja da ba a san ko za ta karɓu ba. Mai shagon tireda ba ya cikin wannan duhun, domin kowa ya san ana sayen sukari da sabulu. Don haka kada ka wahalar da kanka wajen cike gidaje taran nan da kalmomi masu daɗi. Abin da kake bukata a shafinka tambayoyi ne kaɗan: su wa za su saya, me zai sa su baro shagon da suka saba, ina za ka saro kaya kuma a nawa, nawa shagon ke ci kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, da kuma cinikin nawa ne a rana zai rufe wannan cin.

Mu ɗauki misalin mutumin da zai buɗe shagon kayan masarufi a Mabera da jarin naira 2,400,000. Lambobin na misali ne, ka sa naka a gurbinsu, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ya biya hayar shekara 240,000. Kanta, fenti da gyaran ƙofa sun ci 260,000. Ya zuba kayan 1,500,000, ya bar 400,000 a gefe don watannin farko da ciniki bai kankama ba.

Yanzu cin shagon a wata. Haya idan aka raba ta goma sha biyu ta zama 20,000. Yaron shago 30,000. Wuta da man janareto 25,000. Maigadi, kwasar shara da kuɗin da ƙaramar hukuma ke karɓa 10,000. Leda, katin waya da cajin na'urar cirar kuɗi 10,000. Kayan da suka lalace da bashin da ba zai dawo ba 15,000. Sai abin da maigida zai riƙa ɗauka don cefane, 90,000. Jimla 200,000.

Layin cefanen nan shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ke cinye shaguna. Mutum ya ce ai shagonsa ne, ba ya biyan kansa albashi, amma kullum da yamma ana aiko yaro daga gida a ɗauki taliya, man gyaɗa, madara, wani lokaci da dubu biyu daga aljihun tebur. Idan ba a rubuta ba, bayan wata shida kantoci sun fara nuna katako, mai shi kuma yana rantsuwa ciniki na tafiya. Ciniki na tafiya da gaske, uwar kuɗin ce ake ci.

Sai ribar kaya. Shinkafa, sukari da man girki ribarsu siririya ce, suna jawo mutane ne kawai. Biskit, alawa, sabulu, kayan sanyi da abin da ake ƙullawa a leda su ne ke da ɗan kauri. A ce idan an gauraya duka, cikin kowace naira 100 ta ciniki naira 10 ce riba. To lissafin shi ne a raba cin wata da wannan kason:

```
200,000 ÷ 0.10 = 2,000,000 a wata
2,000,000 ÷ 30 = kusan 67,000 a rana
```

Wato sai shagon ya yi cinikin kusan 67,000 kowace rana kafin a ce bai ci jikinsa ba. Idan matsakaicin abin da mutum ɗaya ke saya 1,000 ne, kana bukatar mutum 67 a rana.

A nan akwai wani rami da ya kamata a tsaya a kansa. Ka sari katan a 10,000, ka sayar da abin da ke ciki 11,000. Yawancin mutane za su ce riba kashi goma cikin ɗari. Kashi goma ne na kuɗin sari, amma a kan kuɗin ciniki kashi tara ne da ɗan ɗoriya, domin 1,000 ake rabawa da 11,000. Lissafin da ke sama kuwa da kuɗin ciniki yake aiki. Idan ainihin ribarka kashi tara ce, cinikin da kake bukata ya tashi daga 2,000,000 zuwa kusan 2,222,000 a wata, wato ƙarin fiye da dubu bakwai a kowace rana. Kuma kada ka manta da kuɗin mota da na 'yan dako. Wanda ke saro kaya daga kasuwar Singa ta Kano dole ya ɗora kuɗin ɗauko su zuwa Sakkwato a kan farashin sari kafin ya ce ga ribarsa, in ba haka ba sauƙin da ya gani a can a hanya zai zube.

Mataki na biyu: gwada shafin a bakin titi

Lamba 67 ɗin nan ba a tabbatar da ita a ɗaki. Je ka zauna kusa da wurin da kake son kamawa, kwana uku aƙalla, ciki har da Juma'a da wata ranar tsakiyar mako. Ƙirga masu shiga shagon da ya fi kusa, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa bayan isha'i, domin a garin da rana ke kaiwa sama da digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, tsakar rana ba lokacin ciniki ba ne sai ga mai ruwan sanyi. Idan shagon da ya shekara biyar a layin yana samun mutum hamsin a rana, kai sabon zuwa ba za ka sami 67 a watan farko ba. Sai ka koma kan shafin: ko a rage cin shagon, misali a jinkirta ɗaukar yaro, ko a canza kayan zuwa masu ribar da ta fi kauri, ko a nemi wani wurin.

Amfanin shafi ɗaya ke nan. Awa biyu ya ishe ka rubuta shi, minti goma ya ishe ka gyara shi. Wanda ya ga yadda kuɗin mota da na kaya suka yi tsalle bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya san takardar da ba a iya gyarawa da sauri ba ta daɗewa tana faɗin gaskiya. Manna shi a bayan ƙofa ko a cikin murfin littafin ciniki, ka duba shi ƙarshen kowane wata.

Idan jarin na ɗan'uwa ne

Tsakanin kuɗinka da kuɗin banki akwai hanyar da ta fi kowacce yawa a wurinmu: kawu ko yaya ko ubangida ya ba da jari a juya. Alhaji ba zai karanta shafi ashirin ba, kuma kai masa su ma na iya zama kamar rashin kunya. Abin da ake bukata shi ne shafi ɗayan nan, da wata takardar yarjejeniya gajera mai shaidu biyu.

Takardar ta fayyace abu ɗaya tun farko: rance ne ko ƙirali? Idan rance ne, uwar kuɗi za a mayar, a rubuta yaushe kuma nawa-nawa, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi. Idan ƙirali ne, wato shi da kuɗi kai da wahala, ana raba riba ne da kaso, kamar rabi da rabi ko kashi biyu da ɗaya, ba a yanke wani adadi tsayayye da za a riƙa ba shi kowane wata ba. Asarar da ba sakacinka ya jawo ba kan jarin take faɗawa. A kuma rubuta yaushe za a riƙa ƙirga kaya, da ko kuɗin cefanenka daga rabonka za a cire. Rigimar da ke kai 'yan'uwa gaban alƙali yawanci daga nan take tasowa: shi yana ɗauka rance ya bayar, kai kana ɗauka kasuwanci kuka haɗa, shekara biyu ba wanda ya furta.

Lokacin da shafi ɗaya ya gaza

Mu koma wurin mai shagon Mabera bayan shekara biyu. Ciniki ya kai 3,000,000 a wata, riba 300,000, cin shago 200,000, saura 100,000. Yana son firiza babba da sola da batura, kuɗinsu 3,000,000, don ya riƙa sayar da ƙanƙara, ruwan leda da lemo mai sanyi ba tare da jiran wutar layi ba. Ya nufi banki. A ce abin da zai biya gaba ɗaya 3,600,000 ne cikin wata 18, wato 200,000 kowane wata.

A shafi ɗaya abin zai yi kyau. Zai rubuta matsakaicin cinikin kayan sanyi na shekara, ya ga ya rufe biyan. Amma banki ba matsakaici yake karɓa ba, kowane wata yake cire kuɗinsa. Sai an shimfiɗa watanni goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya sannan gaskiya ke fitowa.

A bazara, a ce kayan sanyi na kawo cinikin 25,000 a rana da ribar kashi 25 cikin ɗari, wato 187,500 a wata. Haɗa da 100,000 na tsohon ciniki da 15,000 da aka daina kashewa a man janareto, ya zama 302,500. Biyan 200,000 ya fita cikin sauƙi, har da rarar fiye da dubu ɗari. Da damina ciniki ya sauka zuwa 15,000 a rana, abin da ke hannu ya zama 227,500, an tsallake da ƙyar. Amma a Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya sauka mutane na neman shayi, cinikin sanyi zai iya komawa 8,000 a rana. Ribarsa 60,000 a wata, jimla 175,000. Biyan banki ya fi abin da ke hannu da 25,000, kuma daga kuɗin sari za a ciro cikon.

Ganin wannan giɓin tun kafin a sa hannu shi ne babban dalilin yin cikakken tsari, ko da bankin bai tilasta ba. Mafita na nan iri-iri. Ana iya neman a tsawaita biya zuwa wata 24, kuɗin wata ya sauko ko da jimlar ta ƙaru. Ana iya rage kayan, a fara da firiza da batura kaɗan. Ana kuma iya daidaita lokacin karɓa, a kafa kayan a watan Fabrairu domin rarar watannin zafi ta taru kafin sanyi ya zo. Wanda ya karɓi rancen a Oktoba ya fara biya ne a mafi munin watanninsa. A sa azumi ma a lissafi, domin cinikin ƙanƙara da sukari na tashi sosai a cikinsa, kuma yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka watan da ya faɗa bara ba lallai shi ne na bana ba.

Abin da ke shiga cikakken tsarin

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, je wurin mai ba da kuɗin ka tambayi abin da suke so. Wasu bankunan, musamman ƙananan bankunan al'umma, ba sa neman dogon tsari ga ƙaramin rance. Fom ɗinsu suke bayarwa, jami'insu ya zo shago ya ƙirga kaya, ya duba littafin ciniki. Wasu shirye-shiryen tallafi kuma suna da nasu fasalin da ake cikewa a shafinsu na intanet. Manyan masu ba da rance irin Bankin Masana'antu, BOI, su ne suka fi neman tsari a rubuce. Ofishin SMEDAN, hukumar da ke kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wuri ne da ake iya neman jagora kan fasalin. Rubuta shafi ashirin ga wanda fom mai shafi uku yake so ɓata mako biyu ne.

Idan an tabbatar ana so, shafi goma zuwa sha biyar ya wadatar ga ƙaramin shago. A gaba akwai taƙaitawa ta shafi ɗaya, amma ita ake rubutawa a ƙarshe: nawa kake nema, me za ka saya, daga ina biyan zai fito. Jami'in da ke da takardu talatin a tebur wannan shafin zai fara karantawa, wani lokaci shi kaɗai. Sai bayanin shagon da na mai shi, shekarunsa a sana'ar da wanda ya koya a hannunsa. Sai bayanin masu saye da abokan gasa, kuma nan ne ƙirgen da ka yi a bakin titi ke da daraja fiye da dogon labari kan yawan al'ummar jiha. Sai inda ake saro kaya da yadda suke juyawa. Sai zuciyar takardar, wato lissafin shiga da fitar kuɗi na wata goma sha biyu, da hasashen shekara biyu ko uku idan an nema. Daga nan haɗurra da abin da ka tanada musu: tashin farashi, gobara, lalacewar batir, rashin lafiyar mai shago.

Takardun da ake liƙawa a baya su ne ke ɗaukar lokaci, don haka da su ake fara shiri. Akwai shaidar rajistar sunan kasuwanci daga CAC, lambar haraji ta TIN, lambobin BVN da NIN, yarjejeniyar haya ko rasit ɗinta, takardar farashi daga mai sayar da firiza da sola, da bayanin asusun banki na wata shida zuwa shekara. Za a tambayi jingina ko masu tsaya maka. Za a kuma duba sunanka a wurin kamfanonin da ke ajiye tarihin masu bashi, saboda haka tsohon rancen manhajar waya da aka manta da shi na iya tare hanya. A biya shi tun da wuri.

Bayanin asusun nan shi ne inda masu shaguna da yawa ke faɗuwa. Tsari ya ce ciniki 3,000,000 a wata, asusu kuma na nuna 700,000, domin sauran tsabar kuɗi ne da ake kaiwa wurin sari kai tsaye, ko kuma ana karɓar tiransifa a asusun yaron shago. Jami'in banki asusu zai gaskata. Idan kana da niyyar neman rance baɗi, daga yau ka buɗe asusu da sunan shagon, ka riƙa zuba cinikin kowace rana a ciki kafin ka je sari.

Ga wanda ke guje wa kuɗin ruwa, bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, suna da tsarin murabaha: banki ya sayi kayan, ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. A nan takardar farashi daga mai kaya ta ƙara muhimmanci, tunda ba tsabar kuɗi za a damƙa maka ba. Lissafin wata-wata kuwa bai canza ba, hunturu na nan yana jira.

Tsarin da ake sayowa a rubuce

A shagunan buga takardu ana samun masu rubuta wa mutum tsari a kwana ɗaya. Galibi tsohon fayil ne ake canza wa suna. Alamominsa ba sa ɓuya: ciniki na hawa da kaso ɗaya kowane wata kamar babu damina babu sanyi, ribar shinkafa ta kai kashi talatin, wani lokaci har sunan wani gari ya maƙale a shafi na tara. Ranar ganawa jami'i zai ɗago kai ya ce, "Alhaji, a nan an rubuta za ka riƙa sayar da ƙanƙara ta dubu arba'in a watan Janairu, su wa za su saya?" Idan amsar ita ce juyawa a kalli wanda ya rako ka, magana ta ƙare.

Ba laifi ba ne a nemi wanda ya iya kwamfuta ya tsara takardar, ko akanta ya duba lissafin, musamman idan da Turanci ake so a miƙa ta. Sharaɗin shi ne lambobin daga littafin cinikinka su fito, kuma ka iya kare kowacce da bakinka. Kafin ka miƙa, ba wa wani tsohon ɗan kasuwa da ke sayar da irin kayanka ya yi maka tambayoyi masu zafi. Sannan ka yi gwaji ɗaya da kanka: rage cinikin kowane wata da kashi 20 cikin ɗari, ka sake lissafin. A misalinmu, hakan zai mayar da ribar tsohon ciniki daga 300,000 zuwa 240,000, rarar ta koma 40,000 kacal, ribar sanyi a hunturu ta koma 48,000, abin da ke hannu ya zama 103,000 a gaban biyan 200,000. Wannan na nuna rancen miliyan uku a wata 18 ya yi wa shagon nauyi, kuma abin da ya kamata a rubuta a shafin taƙaitawa shi ne adadin da bai kai haka ba, ko wa'adin da ya fi haka tsawo.